Abin da ya sa akanta ke rubuta kowace naira sau biyu

Duk wanda ya shiga karatun kasuwanci ko na akanta, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne, ko a Bayero ta Kano, ko a wata kwalejin fasaha, ba zai daɗe a ajin farko ba za a haska masa wannan layin a allon majigi:

```
Assets = Liabilities + Capital
```

Wato kadara daidai take da bashi a tara da jari. Ɗalibai su kwafe, su haddace, malami ya danna ya wuce shafi na gaba, inda aka zana wani abu mai kama da harafin T, an rubuta Dr a hagunsa, Cr a damansa. Yawanci a nan ake rabuwa da rabin ajin. Ba don abin yana da wuya ba, sai don an nuna musu ƙarshen tunani ba a nuna musu farkonsa ba. Shafin majigi ba ya ɗaukar dogon bayani, kuma wannan layin na cikin abubuwan da sai an bi su da kuɗi a hannu ake gane su.

Abin da layin ke faɗa bai wuce wannan ba: duk abin da ke hannun kasuwanci daga wani wuri ya zo. Ka shiga kowane shago ka ƙirga abin da ke ciki, kuɗin da ke aljihun tebur, na banki, buhunan da ke jibge, sikeli, kanta, har da kuɗin da shagon ke bin mutane. Wannan duka shi ne kadara. Sai ka yi tambaya ta biyu: wa ke da haƙƙi a kan waɗannan kaya? Amsa ba ta wuce mutum iri biyu. Ko dai na waje ne da ke bin shagon, wannan shi ne bashi, ko kuma mai shagon ne, wannan shi ne jari. Tunda kaya ɗaya aka ƙirga sau biyu, da farko ta fuskar mene ne, sannan ta fuskar na wane ne, babu yadda za a yi jimillar biyu ta saɓa. Ba wani ne ya zauna ya kafa doka cewa dole su daidaita ba. Ƙirga abu ɗaya ne ta hanya biyu.

Akwai sharaɗi guda kafin wannan ya yi aiki, kuma shi ne ya fi yi wa mutanenmu nauyi. Dole a ɗauki shago a matsayin wani mutum daban da mai shi. Aljihun mai shago daban, aljihun shago daban. Idan ya zuba kuɗi a shagon, shagon ya karɓa ne daga gare shi, kuma ana rubutawa. Idan ya ɗiba, shi ma ana rubutawa. Shi ya sa jari yake zama a ɓangare ɗaya da bashi: a idon littafi, jari kuɗin da mai shago ke bin shagonsa ne, sai dai shi ba ya karɓar nasa sai an sallami kowa.

Wata guda a shagon shinkafa

Mu ɗauka wani matashi ne ya buɗe shagon sayar da shinkafa. Farashin da za mu yi amfani da shi na misali ne kawai, don lissafi ya fita sarai.

Ya zo da naira 2,000,000 tasa ta kansa ya zuba. Shago yana da kadarar 2,000,000, tsabar kuɗi, kuma duka na mai shago ne. Bashi babu, jari 2,000,000. Sai ya je wurin kawunsa ya ce, "Kawu, jarin bai kai ba, a taimaka mini da rance." Kawu ya ba shi 1,000,000. Yanzu kuɗin da ke hannu 3,000,000 ne, amma yaron bai ƙara arziki da ko kwabo ba. Kadara ta hau da miliyan guda, bashi ma ya hau da miliyan guda, jari yana nan inda yake.

Ya sayi sikeli da kanta da tebur a kan 300,000. Wanda bai san lissafi ba zai ce an kashe kuɗi. Ba a kashe ba, kama suka canja. Tsabar kuɗi ta sauka zuwa 2,700,000, kayan aiki na 300,000 sun shigo, jimilla tana nan 3,000,000. Ɗaya ɓangaren ko motsi bai yi ba. Wannan ya nuna cewa rubutu biyu ba lallai ne ɗaya ya faɗa hagun layin ɗaya ya faɗa dama ba. Wani lokaci duka biyun a cikin kadara suke, ɗaya ta ƙaru ɗaya ta ragu.

Sai babban saye. Ya ɗauko buhu 40 a wurin dila, kowanne 60,000, jimilla 2,400,000. Ya biya 1,500,000 a take, sauran 900,000 aka ce sai ya yi ciniki. Kuɗin hannu ya koma 1,200,000, haja ta 2,400,000 ta shigo, ga kayan aiki 300,000, kadara ta zama 3,900,000. A ɗaya gefen, Kawu na bin miliyan ɗaya, dila na bin 900,000, jari miliyan biyu. A tara, 3,900,000 ne. Ka lura shagon ya cika maƙil, maƙwabta na cewa yaron nan ya samu, alhali abin da yake nasa bai wuce abin da ya shigo da shi ranar farko ba.

Jari ba ya motsawa sai an yi ciniki. Ya sayar da buhu 10 a kan 66,000 kowanne, aka biya shi 660,000 hannu da hannu. Buhunan nan goma a 600,000 ya saye su. Kenan kadarar 600,000 ta fita, ta 660,000 ta shigo, an samu rarar 60,000. Wa ke da ita? Ba Kawu ba ne, domin miliyan ɗayansa kawai yake bi. Ba dila ba ne. Ta mai shago ce, don haka a kan jari take hawa. Riba kenan: ƙaruwar jari da ciniki ya kawo.

Daga nan wata mai sayar da abinci ta zo ta ce, "Ɗana, ka ba ni buhu biyar, ƙarshen wata in kawo maka." Suka daidaita a 68,000 kowane buhu, 340,000 kenan. Ko sisi bai shiga aljihun tebur ba, amma littafi zai rubuta cewa an yi ciniki, an kuma ci ribar 40,000, tunda buhu biyar ɗin a 300,000 suka tsaya masa. Abin da ya shigo a madadin shinkafar shi ne haƙƙin karɓar 340,000, kuma wannan haƙƙi kadara ne. A nan ɗalibi ya kamata ya ɗan tsaya, domin a nan ne riba da kuɗin hannu suke raba hanya. Shago na iya cin riba a takarda ya rasa abin biyan haya, idan duk ribar tana hannun masu cin bashi.

A cikin watan ya biya hayar wata 30,000, ya ba yaron shago 20,000, ya biya kuɗin wuta da na mai gadi 10,000. Wannan 60,000 ɗin ita ce aka kashe da gaske, domin ta fita ba ta bar komai a shago ba. Kadara ta ragu, jari ya ragu. Ya kuma zari 50,000 ya yi cefanen gida. Wannan ma ta rage jari, amma ba ɗawainiyar shago ba ce, don haka ba a cire ta daga riba. Shafinta daban, na abin da mai shago ya ɗiba. A ƙarshe ya kai wa dila 400,000, kuɗin hannu ya ragu, bashi ya ragu da daidai wannan adadi.

Ran ƙarshen wata ga yadda shagon yake. Tsabar kuɗi 1,350,000. Buhu 25 da suka rage, a farashin saye, 1,500,000. Bashin da ake bin mai abinci 340,000. Kayan aiki 300,000. Jimillar kadara 3,490,000. Kawu na bin 1,000,000, dila na bin 500,000. Abin da ya rage wa mai shago 1,990,000 ne.

Da miliyan biyu ya fara. Ya yi cinikin miliyan ɗaya cif a wata guda, bai yi asara a kan ko buhu ɗaya ba, amma jarinsa ya ragu da 10,000. Dalili a fili yake: ribar shinkafa 100,000, ɗawainiya ta cinye 60,000, saura 40,000, shi kuma ya ɗebi 50,000. Ya fara cin uwar kuɗi. Da aljihun tebur kawai yake dubawa, zai ga sama da miliyan ɗaya ya ce Alhamdulillahi, kasuwa na tafiya. Da littafin bashi kawai yake riƙewa, irin wanda kusan kowane mai shago ke da shi, inda ake rubuta sunan wanda ya karɓi kaya a soke idan ya biya, zai san wa yake bi, amma ba zai taɓa ganin wannan 10,000 ɗin ba. Littafin bashi rabin labari yake rubutawa. Yana faɗin inda kaya suka tafi, ba ya faɗin abin da tafiyarsu ta yi wa jari.

Hagu da dama

A shago mai ciniki tara a wata ana iya sake tara kadara da bashi bayan kowane motsi, kamar yadda muka yi. A kamfanin da ke ciniki dubu a rana ba zai yiwu ba. Saboda haka sai aka ba kowane abu shafinsa a babban littafi, wanda 'yan akanta ke kira leja. Tsabar kuɗi da shafinta, haja da nata, Kawu da nasa, dila da nasa, haya da nata. Kowane shafi asusu ne, kuma an tsaga shi biyu. Harafin T ɗin nan na allon majigi shi ne hoton shafin: sunan asusu a sama, layi a tsakiya. Gefen hagu ana ce masa debit, na dama kiredit.

Babban abin da ke rikita ɗalibai shi ne zaton da suke yi cewa debit ragi ne, kiredit ƙari ne, ko kuma ɗaya abin kirki ne ɗaya na tsiya. Babu ko ɗaya. Hagu ne da dama kawai. Abin da ke sa a san ina za a rubuta shi ne wurin da asusun yake zaune a layin farko. Kadara a hagun alamar daidai take, don haka ƙaruwarta a hagu ake rubutawa, raguwarta a dama. Bashi da jari a dama suke, don haka ƙaruwarsu a dama, raguwarsu a hagu. Ciniki yana ƙara jari, sai ya bi jari zuwa dama. Ɗawainiya da ɗibar mai shago suna rage jari, sai su faɗa hagu. Shi ya sa wasu malaman ke faɗaɗa layin su rubuta shi haka:

```
Assets + Expenses + Drawings = Liabilities + Capital + Revenue
```

Duk abin da ke hagun wannan layin, wato kadara da ɗawainiya da ɗiba, da debit yake ƙaruwa. Duk abin da ke damansa, wato bashi da jari da ciniki, da kiredit yake ƙaruwa. A ganina wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar haruffan hadda da ake ta rabawa kafin jarrabawa, waɗanda ake mantawa da zarar an fito daga ɗakin.

Mu gwada da rancen Kawu. Kuɗi ya ƙaru, kadara ce, sai a rubuta 1,000,000 a hagun asusun kuɗi. Bashi ya ƙaru, sai a rubuta 1,000,000 a daman asusun Kawu. Sayen shinkafa kuwa asusu uku ya taɓa: 2,400,000 a hagun haja, 1,500,000 a daman kuɗi saboda ya fita, 900,000 a daman asusun dila. Rubutu uku ne, amma hagu 2,400,000, dama 2,400,000. Ƙa'idar ba ta ce sai layi biyu ba, cewa ta yi abin da aka zuba a hagu ya yi daidai da wanda aka zuba a dama. Cinikin buhu goma shi kuma rubutu biyu-biyu yake so. Na farko, 660,000 a hagun kuɗi da daman asusun ciniki. Na biyu, 600,000 a hagun asusun tsadar kayan da aka sayar da daman haja. Littattafan ajin farko da yawa ba sa yin na biyun a kowane ciniki. Sukan tara duk saye a asusu guda, sai ƙarshen shekara a ƙirga hajar da ta rage a fitar da tsadar abin da aka sayar. Ribar da za a samu ɗaya ce muddin ba abin da ya ɓata a rumbu.

To me ya sa idan kuɗi ya shigo waya, saƙon banki ke cewa kiredit, alhali mun ce shigowar kuɗi debit ce? Kusan kowane aji sai an samu wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai alat ɗin da ke zuwa mini akasin haka yake faɗa." Gaskiyarsa, sai dai saƙon daga littafin banki aka ciro shi, ba daga nasa ba. Idan ka ajiye kuɗi a banki, kai ne ke bin banki. A littafinsu kai bashi ne, kuma bashi a dama yake ƙaruwa. A naka littafin, kuɗin nan kadara ne, a hagu za ka rubuta shi. Kowa ya rubuta daidai, daga inda yake tsaye.

Akwai wata dabara a wannan tsari da ba a cika ambata ba. Ba a ɗebe lamba daga lamba a cikin shafi. Abin da ya shigo ana jera shi a gefe guda, abin da ya fita a ɗaya gefen, duka tarawa ake yi. Sai an zo rufe shafi ake fitar da bambancin gefen biyu. Ga magatakardan da ke lissafi da alƙalami da tawada, ba tare da na'ura ba, wannan ya rage kuskure ƙwarai, kuma ya bar sawun kowane kwabo a fili, ba a goge komai ba.

'Yan kasuwar biranen Italiya ne suka gyara tsarin har ya kai wannan siffa. Littattafan baitulmalin birnin Genoa na shekarar 1340 suna nan har yau, kuma da rubutu biyu aka yi su. Sunan da ake haskawa a allo shi ne Luca Pacioli, wani malamin coci masanin lissafi, wanda ya buga littafinsa Summa de arithmetica a Venice a 1494. Ana yi masa laƙabi da uban ilimin akanta, amma ba shi ya ƙirƙiro ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Abin da 'yan kasuwar Venice ke yi ya rubuta, na'urar ɗab'i ta yaɗa shi. Littattafai uku ya bayyana: na farko inda ake rubuta duk abin da ya faru a shago yadda ya zo, na biyu inda ake tsara shi a ce wannan hagu wannan dama, na uku leja. Manhajojin lissafi na yau ba su sauya wannan ba. Wanda ke kan na'ura rasit ɗaya yake shigarwa, manhajar ta yi rubutu biyun a bayan fage.

Gwajin daidaito, da abin da ba ya gani

Tunda kowane ciniki ya zuba adadi ɗaya a hagu da dama, idan aka rufe kowane asusu aka jera ragowarsa, jimillar hagu dole ta yi daidai da ta dama. Wannan jeri shi ne gwajin daidaito. A shagonmu, hagu zai ɗauki kuɗi 1,350,000, haja 1,500,000, mai abinci 340,000, kayan aiki 300,000, tsadar kayan da aka sayar 900,000, ɗawainiya 60,000, da cefane 50,000. Jimilla 4,500,000. Dama zai ɗauki jarin farko 2,000,000, Kawu 1,000,000, dila 500,000, da ciniki 1,000,000. Shi ma 4,500,000.

Idan bai daidaita ba, ba a fara bin littafi daga shafin farko. Bambancin ake fara tambaya. Da farko a duba ko akwai ciniki mai daidai wannan adadi, domin wataƙila gefe ɗaya aka rubuta aka manta ɗayan. Idan babu, a raba bambancin biyu. A ce kuɗin cefanen nan 50,000 an rubuta shi a dama maimakon hagu. Hagu zai rasa 50,000, dama ya ƙaru da 50,000, giɓin ya zama 100,000. Neman cinikin 100,000 ɓata lokaci ne, rabinsa ake nema. Idan wannan ma bai yi ba, a raba da 9. Idan an rubuta 430,000 a asusun mai abinci maimakon 340,000, giɓin 90,000 ne, kuma yana rabuwa da 9 ba saura. Duk lokacin da hannu ya juya lambobi biyu, bambancin yana rabuwa da 9, haka ma idan aka ƙara sifiri ko aka rage shi, kamar 30,000 ta koma 3,000. Idan an rasa gano shi kuma lokaci ya ƙure, akan buɗe asusun wucin gadi a ajiye giɓin a ciki har a gano. Asusun wucin gadin da ya shekara ba a share shi ba alama ce ta ofishin da ba a kula da littafinsa.

Sai dai daidaituwar jimilla ba shaidar gaskiya ba ce, kuma wannan ne darasin da shafin majigi ke wucewa da sauri alhali shi ya fi cancantar a zauna a kai. Gwajin abu ɗaya yake tabbatarwa, cewa abin da aka rubuta a hagu ya kai wanda aka rubuta a dama. Ba ya cewa abin da aka rubuta ya faru.

A ce mai shago ya manta bai rubuta cinikin mai abinci ba gaba ɗaya, ba hagu ba dama. Littafi zai daidaita lafiya lau, yana nuna buhu 30 a shago alhali 25 ne. A ce kuma 400,000 ɗin da ya kai wa dila an rubuta ta a shafin Kawu. Jimillar bashi ba ta canja ba, gwaji ya wuce, sai ranar da Kawu ya zo karɓar miliyan ɗayansa littafi ya ce 600,000 yake bi, zumunci ya shiga wani hali. Haka idan tun daga rasit aka karanta adadi ba daidai ba aka kai shi gefe biyun, ko aka juya rubutun gaba ɗaya, abin hagu ya koma dama na dama ya koma hagu, ko kurakurai biyu masu adadi ɗaya suka rufe wa juna asiri.

Mafi haɗari shi ne a sa abu a irin asusun da ba nasa ba. Hayar nan ta 30,000, a ce maimakon a rubuta ta a hagun asusun haya an rubuta ta a hagun kayan aiki. Duka biyun hagu ne, gwaji ba zai ce uffan ba. Amma ɗawainiya ta ragu zuwa 30,000, riba ta tashi daga 40,000 zuwa 70,000, kayan aiki sun koma 330,000 alhali ko kujera ba a ƙara ba. Yanzu littafi zai ce jari ya ƙaru da 20,000, mai shago ya ci gaba da cefanensa hankali kwance.

Wannan da ya yi kama da kuskuren ɗan aji ɗaya, da shi aka yi ɗaya daga cikin manyan damfarar lissafi a Amurka. Kamfanin sadarwa na WorldCom yana biyan wasu kamfanoni kuɗin amfani da layukansu, wanda ɗawainiya ce ta yau da kullum, tamkar hayar shago. Da riba ta fara ja da baya, sai aka riƙa kwashe wani kaso na waɗannan kuɗaɗe ana rubuta su a matsayin kadarar da kamfani ya saya. Hagu da dama ba su taɓa saɓawa ba. Masu binciken cikin gida na kamfanin, ƙarƙashin Cynthia Cooper, su suka bi rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya suna neman takardun da ke bayansu, ba su samu ba. A watan Yuni na 2002 kamfanin ya amsa cewa kimanin dala biliyan 3.8 aka yi wa haka, a watan Yuli ya shiga kariyar fatara, daga baya adadin ya ƙaru sosai. A 2005 aka yanke wa shugabansa Bernard Ebbers ɗaurin shekara 25.

Akwai kuma abubuwan da ba ƙarya ba ne, ba kuskure ba, amma littafi ba zai faɗe su da kansa ba sai mutum ya yi hukunci. Sikelin 300,000 ba zai dawwama a wannan daraja ba. Idan aka ƙiyasta kayan aikin za su yi shekara biyar, to duk wata 5,000 na zaizayewa, kuma sai an rubuta ta, hagu a ɗawainiya, dama a ragin darajar kayan, in ba haka ba ribar ta fi gaskiya yawa. Mai abinci na iya tashi daga unguwar ba sallama, 340,000 ɗin ta ci gaba da zama a littafi a matsayin kadara har ranar da wani ya yarda cewa ba za ta dawo ba ya soke ta. Ruwan sama na iya jiƙa buhu uku. Shekara biyar ɗin ma ƙiyasi ne, wani akantan zai ce huɗu, kuma kowanne a cikinsu littafinsa zai daidaita.

Saboda haka mai binciken lissafi idan ya zo shagon nan, kallo ɗaya zai yi wa gwajin daidaito ya ajiye shi gefe. Zai shiga ciki ya ƙirga buhuna ya ga ko 25 ne, ya soka hannu a na ƙasa ya ji ko sun yi danshi. Zai ƙirga kuɗin aljihun tebur, ya karɓi takardar banki ya gwada ta da leja layi bayan layi. Zai aika wa dila a tambaye shi nawa yake bi, ba tare da an faɗa masa abin da littafi ya ce ba, ya kuma aika wa mai abinci. Sannan ya buɗe shafin kayan aiki, ya sa yatsa a kan layin 30,000 ɗin nan, ya ce a kawo masa rasit, a kuma nuna masa abin da aka saya.